Pari gefe biyu a gida biyu: da gaske babu faɗuwa?

Sanda, Bukoki:
Salamu alaikum ƴan uwa. A wasan ƙwallo guda na ga gidan pari na farko ya ba da kot 2.10 a kan "Plus de 2.5 buts", gida na biyu ya ba da 2.05 a kan "Moins de 2.5 buts". An ce mini in na zuba duka biyun ko yaya wasa ya tashi na ci. Ina da jikka 100. Yaya zan raba, kuma ina tarkon yake?

Ila mai gyaran salula:
Wa alaikumus salam. Raba biyu kawai abokina, jikka 50 nan, jikka 50 can. In an sha ƙwallo uku ko fiye ka karɓi 105,000, in ba a kai ba ka karɓi 102,500. Ko ta ina ka fi abin da ka zuba. Ba sai ka wahal da kanka da lissafi ba.

Mamman Sani, Yantala:
Ila, wannan karon ka dace ne don kot ɗin biyu suna kusa da juna. Ka gwada rabon nan naka a 1.50 da 3.30: in na 1.50 ya fito, 75,000 za ka karɓa a kan jikka 100 da ka zuba, jikka 25 sun tafi, alhali akwai riba a wurin da an raba daidai.

Sanda ƙanena, kafin komai sai ka raba 1 da kowane kot, ka haɗa abin da ya fito. In ya gaza 1, akwai riba. In ya kai 1 ko ya wuce, ka ja hannunka.

```
1/2.10 + 1/2.05 = 0.476190 + 0.487805 = 0.963995
100000 / 0.963995 = 103735
103735 / 2.10 = 49398
103735 / 2.05 = 50602
```

Wato 49,398 a gida na farko, 50,602 a na biyu, ko wanne ya fito ka karɓi 103,735. Ribarka 3,735, ƙasa da kashi 4 cikin ɗari. Amma kar ka zuba da irin wannan ƴan canji a wutsiya. Mai pari na nishaɗi ba ya zuba 49,398, kuma gidajen suna lura da irin wannan. Ka yi 49,500 da 50,500. Na farko zai ba ka 103,950, na biyu 103,525.

A takarda ke nan. Matsalar tana cikin ƴan daƙiƙun da ke tsakanin tike na farko da na biyu, don a lokacin gefe ɗaya kawai kake riƙe da shi. Ka zuba 49,500 ɗinka ya shiga, ka juya gida na biyu, rezo ya yi nauyi, kafin ya buɗe 2.05 ya sauka 1.85. Yanzu in kana son ka rufe, sai ka zuba kusan 56,200, jimillar zubinka 105,700, abin da zai dawo bai kai 104,000 ba. Asarar kusan 1,750 ke nan ko yaya wasa ya tashi. Ni dai gara in ɗauki wannan ƙaramar asara in kwanta, da in bar 49,500 a hannun ƴan wasa. Ka riƙe adadin nan tun kafin ka taɓa waya: da 2.10 a hannunka, muddin ɗaya gefen ya sauka ƙasa da 1.91, riba ta ƙare.

Haja Rabi:
Ɗana, ko gefe goma ka zuba, sunanta caca, kuma ka san abin da addini ya ce a kanta. Jikka ɗarin nan in ka sa a albasa ko a buhun hatsi ba ta fi ba? Na faɗi nawa.

Abdu na Tawa:
Ni abin da ya same ni ba saukar kot ba ne. Wasan tanis ne, na zuba a kan ɗan wasa ɗaya a gida guda, ɗayan a wani gida. Ana cikin zagaye na biyu wanda na zuba wa mai yawa ya ji ciwo ya janye. Gidan da na zuba masa suka ce tunda an gama zagayen farko, wasa ya ƙirgu, na faɗi. Na ce to ba komai, ai ɗaya gefen ya ci. Ina buɗewa sai na ga "remboursé". Su a dokarsu in ba a kammala wasa ba, kuɗinka kawai suke mayar maka. Ka ga wanda ya ci bai biya riba ba, wanda ya faɗi kuma ya faɗi. Na rubuta musu, suka turo mini shafin dokokinsu, kuma wallahi haka yake a rubuce.

Mamman Sani, Yantala:
Sannu Abdu. Wannan shi ne babban ramin, ya fi saukar kot nesa. Sanda, ka ɗauka gida na farko ya soke naka ya mayar maka da 49,500, wasa kuma ya tashi 2-1. Da an bar tiken ka ci, yanzu kuwa 50,500 na gida na biyu sun tafi. Sai ka yi irin wannan haɗin sau 14 ba tare da tangarɗa ba kafin ka mayar da su.

Kuma ba janyewar ɗan wasa kaɗai ke jawo sokewa ba. A dokokin gidajen nan akwai sharaɗin da ya ba su ikon soke pari in kot ɗin kuskure ne bayyananne. Yadda za ka gane shi: ka duba wasu gidaje uku ko huɗu. In kowa yana wajen 1.80 gida ɗaya ya sa 2.60, ba kyauta ba ce, wani ne ya juya lambobi ko ya makara wajen gyarawa. Haɗin gaske ribarsa kaɗan ce. Wanda ya nuna maka kashi 15, ka guje shi. Sannan ka tabbata abu ɗaya kake saye a gida biyun: wani 2.5 na minti 90 ne, wani na rabin farko kawai, kuma a allon waya layi ɗaya ke tsakaninsu.

Sanda, Bukoki:
Na gode yaya. To wane gefe zan fara zubawa?

Mamman Sani, Yantala:
Wanda ka fi shakka. Ka buɗe duka biyun, ka rubuta kuɗin a kowanne ba tare da ka danna ba, ka ga ko zai nuna maka "mise maximale". In gida na biyu 20,000 kawai zai karɓa, to daga can lissafi zai fara: 20,000 a 2.05 zai ba da 41,000, sai ka zuba 19,500 a na farko. Riba wajen 1,500, kafin ka cire kuɗin turawa da na cirewa, waɗanda sau da yawa su kaɗai ke cinye ta. Kuma kont ɗin da kullum yake ɗaukar kot mafi tsada, ba ya daɗewa ake rage masa iyakar zubi.

Ila mai gyaran salula:
In sun rage maka sai ka buɗe wani da layin ƙanenka. Mutane nawa ke yi?

Abdu na Tawa:
Ranar cire kuɗi za su ce ka turo katin ɗan ƙasa, sunan ya zo daidai da na kont da na layin waya. In suka gane mutum ɗaya ne, rufewa suke da kuɗin a ciki, kuma ba ka da bakin magana.

Ila mai gyaran salula:
Ni dai na san wanda bai taɓa samun wannan matsalar ba.

Sanda, Bukoki:
Na koma in duba yanzu, 2.05 ɗin ya zama 1.95. Na yi lissafin yaya Mamman, ya ba ni 0.989, wato wajen 1,100 a kan jikka 100. Shi ma a shiga, ko kuɗin cirewa ya riga ya cinye shi?