Hoton da za ka tura kafin a sayo maka tawadar firinta

Masu shagunan buga takardu a Gusau sun tattauna kan sayen kwalin tawada daga Kano ta hanyar tura hoto. Bakinsu ya zo ɗaya: hoton jikin firinta kaɗai bai wadatar ba. A ciro tsohon kwalin, a ɗauki lambar da ke jikinsa cikin haske, ba tare da filasha ba, don ƙyalli na ɓoye rubutun.

Wani dattijo ya ba da misali da firintar HP DeskJet 2130. Wadda aka yi wa kasuwarmu kwali mai lamba 123 take ɗauka, ta Amurka 63, ta Turai 302. Kamanninsu ɗaya, amma firintar tokumbo za ta ƙi 123 ko da ya zauna daram. Harafin XL kuwa yawan tawada kawai yake nufi.