Majigi don zaure mai kujeru 400: girman allo da nisa

Sakataren Kwamiti: Salamu alaikum. Zauren taronmu yana ɗaukar mutum 400 a zaune. Daga bangon gaba zuwa layin ƙarshe mita 21 ne, tsayin silin mita 5, ga tagogi gefe da gefe. Muna lacca da rana, rubutu ya fi yawa. Majiginmu ƙarfin haskensa lumen 3,600 ne, an rubuta Throw Ratio 1.5–1.8 a littafinsa. Wane girman allo ya dace, kuma a ina za mu rataye shi?

Injiniya: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Fara da wanda ke zaune a layin ƙarshe, shi ne ma'auninka. Idan rubutu za a karanta, raba nisansa gida 6, abin da ya fito shi ne tsayin allo. Mita 21 gida 6 ya ba ka mita 3.5. Da bidiyo ne zalla, gida 8 ya isa. A allon 16:9 faɗi ya ninka tsayi sau 1.78, ka ga faɗin ya kama mita 6.2. Sai ka ɗaga gindin allon mita 1.2 daga ƙasa don kada hulunan 'yan gaba su tare na baya. Samansa zai kai mita 4.7, da ƙyar ya shige ƙarƙashin silin ɗinku. Duba fankokin da ke gaba, za su yanka hoton.

Nisa kuwa, ninka faɗin allo da lambar nan ta Throw Ratio a littafin, ita ke nuna sau nawa nisan majigi zai ninka faɗin allo:

```
6.2 x 1.5 = 9.3
6.2 x 1.8 = 11.2
```

Ko'ina tsakanin mita 9.3 da 11.2 daga allon zuwa gilashin majigin, hoton zai cika. Ni kusa da 9.3 zan zaɓa, don can ne gilashin ya fi sakin haske.

Mai Gidan Kallo: Oga, ni dai abin da na sani, da zarar ka ja majigi baya haske ya gudu. Ku matso da shi kawai. Ko ku sayi irin nawa, lumen 12,000 aka rubuta a kwalinsa, kuma ba tsada.

Injiniya: Abin da ka gani gaskiya ne, amma ba nisan ne ya cinye hasken ba. Da ka ja shi baya hoton ya faɗaɗa, hasken ya rarrabu a fili mai yawa. In suka matso da shi hoton zai yi tas, sai dai 'yan baya ba za su iya karatu ba. Batun kwali kuwa, nemi kalmar ANSI ko ISO kusa da lambar, in babu kada ka yi lissafi da ita.

Malam Sakatare, a nan damuwata take. Allonku murabba'in mita 21.7 ne. Raba 3,600 da shi, kowane murabba'i ya samu lux 166, lux shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a wuri, kuma wannan da sabon kwan fitila. Sa manhajar auna haske a wayarka, ka manna bayanta a bangon da ƙarfe 12 na rana, majigi a kashe. Ba daidai take cif-cif ba, amma za ta haska maka. Ƙa'idar masu aikin ita ce farin hoto ya ninka baƙinsa aƙalla sau 7, rubutun lacca ma sau 15 ake so. Majigi ba ya jefa baƙi, baƙin hoto shi ne hasken ɗakin da ke kan allon. In ka auna lux 100, ko sau 7 ɗin sai majigi ya ƙara lux 600 a kai, wato sai ka nemo lumen 13,000. In labule mai kauri ya sauke shi zuwa 25, lumen 3,300 ne lissafin. Naku zai kama da ƙyar, kuma yana tsufa zai gaza. Ku fara da labulen tagogin gaba, ku raba makunnin fitilun gaba da na baya, sannan a yi maganar mai 6,000.

Malamar Makaranta: Mu namu a tsakiyar zaure muke ɗora shi kan tebur. Duk wanda ya miƙe sai inuwarsa ta bayyana, rannan wani ɗalibi ya taka waya ya jawo shi ƙasa. Ba za a iya kai shi can baya gaba ɗaya ba? Kuma tun hunturu hoton ya dusashe.

Injiniya: Hajiya, a zaure irin nasu, mita 21 gida 6.2 ya ba da Throw Ratio 3.4, nasu kuwa a 1.8 ya tsaya, sai majigi mai karɓar gilashin nesa, da tsadarsa. Rataye shi a silin ya fi. Dusashewar kuwa, cire matacin ƙurar ki kaɗe, ki duba awannin fitilar a `Lamp Hours`.

Mai Gidan Kallo: Ni da ni ne, allo mai faɗin mita 4 zan yi a gaba, in sa talabijin biyu a tsakiyar zaure. Da rana tsaka ba na yarda da majigi.

Injiniya: Hanya ce, sai dai wayar HDMI in ta wuce mita 15 hoto kan fara yankewa, sai an haɗa da na'urar tsawaitawa.

Sakataren Kwamiti: Allah ya saka da alheri. Gobe zan auna bangon in kawo muku lambar. Labulen ne nake ji, ga zafin bazara, kwamiti ba lallai su yarda a rufe tagogi ba.