Layi na bakwai ya hana ni barci

Jama'a, ku taimaka min. Na auna garin wani ƙarfe da hasken X-ray don in gano tsarin da atom ɗinsa suka jeru a kai, ko SC ne, ko BCC, ko FCC, na lissafa sin²θ na kowane layi da ya fito. Da na raba su da na farko, sai na samu 1, 2, 3, 4, 5, 6.

FCC dai na cire shi, tunda nasa 3, 4, 8, 11 ne. Amma SC yana ba da 1 zuwa 6, BCC kuma 2, 4, 6 har 12, wanda in an raba biyu duk ɗaya ne.

Na san 7 ba ya fitowa a SC, a BCC kuwa (321) yana ba da 14, wanda in an raba biyu 7 ne. To ni ma'aunina ya tsaya kafin layi na bakwai. Ƙarfin layukan zai iya raba gardamar, ko dole in sake awo?