Cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa, duk damina sai ya dawo

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ina aikin gadi a Kano, awa 12 ƙafata na cikin but. Duk damina, musamman watan Agusta, tsakanin ƙaramin yatsana da na kusa da shi sai ya yi fari fat, ya tsage, ga ƙaiƙayi. Na shafa man da aka ba ni a kemis, kwana 5 ya lafa na daina, bayan sati biyu ya dawo. Don Allah yaya zan yi in rabu da shi?

Wata mai ɗinki: Wa alaikumus salam. Ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ka goge da dutse, sannan ka lafta man kaɗanya ka sa safa ka kwana. Haka na yi nawa ya tafi.

Wani mai kemis: Hajiya, wannan ai maganin faso ne da kaushi. Nasa laima ce ta yi yawa, in ya lafta mai ya rufe da safa ƙara masa zai yi. Malam, ka nemi irin man nan mai haɗi uku, kwana biyu ƙaiƙayin ya mutu.

Wata nas: Yallaɓai mai kemis, ka yi gaskiya a kan laima, amma mai haɗi ukun nan ban yarda da shi ba. Akwai sitiroyid a ciki, irin su betametason. Shi ke kashe ƙaiƙayi da wuri, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayar tana nan tana yaɗuwa, fatar kuma tana yin siriri in an daɗe ana shafawa.

Ɗan'uwa, ƙwayar cutar dangin ta makero ce, kuma kwana 5 ba ya kashe ta. Ka nemi kilotirimazol zalla, mai kashi 1 cikin 100, ka shafa safe da dare har sati 4 cur, ko da wurin ya yi sumul tun satin farko. In ka samu tarbinafin, sati 1 zuwa 2 ya isa. Ka shafa kaɗan, ka ɗan zarce inda ciwon ya tsaya, ka duba ɗaya ƙafar ma.

Abin da ya fi damuna shi ne alwala. Kana tsefe yatsu da ruwa, sannan ka zura ƙafa a safa da danshinta, ka koma bakin ƙofa. Wannan lungun na ƙaramin yatsa shi ya fi matsewa, iska ba ta shiga, shi ya sa can yake farawa. Ka ware ɗan ƙyalle na ƙafa kaɗai a aljihu, bayan kowace alwala ka bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya ka tsane, ka ɗan sha iska kafin ka mayar da but. Kada ka goge jikinka da ƙyallen, domin ƙwayar tana iya komawa matsematsi.

Wani tsohon soja: Yaro, ji maganar 'yar nan. Ni na sha fama da shi. But ɗaya ba ya bushewa a dare ɗaya da damina. In da hali ka yi biyu kana musanyawa, in babu ka zare shimfiɗar ciki, ka cusa tsohuwar jarida ta tsotse danshin. Safar auduga, ka tafi da ta canji ka sauya da azahar. A wanke da ruwan zafi, ta bushe ƙayau. Kuma ka bar aron silifas ɗin banɗakin masallaci. Mu dai lalle muke ƙunsawa, yana busar da wurin.

Wata nas: Baba, lalle na iya busarwa, amma ba zan ce ya maye gurbin magani ba, kuma kada a sa shi a kan tsagar da ke buɗe.

Wani tsohon soja: To 'yata, ni dai ya yi mini.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Anti nas, farcen babban yatsana ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa. Yana da alaƙa?

Wata nas: Yana iya zama can ƙwayar ta ɓuya take dawo maka, yana kuma iya zama matsin but ne kawai. Sai an gani da ido. In ita ce, man shafawa ba ya ratsa farce, sai ƙwayar sha ta kusan wata 3, kuma likita ne zai rubuta saboda tana iya taɓa hanta. In kana da ciwon suga, ko wurin ya fara wari da ruwa, ko ƙafar ta kumbura ta yi ja da zafi, kada ka jira sati 4 ɗin, ka je asibiti gobe.