Tambaya: kalsiyam ya hau amma PTH na cikin iyaka

Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawa, wata tambaya ta tsaya mini a wuya. Mace mai shekara 58, kalsiyam ɗin jininta 2.85 mmol/L, fosfat ya yi ƙasa, ƙodarta lafiya, PTH kuma 55 pg/mL (iyakar lafiya 15 zuwa 65). Na zaɓi ciwon daji, tunda PTH bai wuce iyaka ba. Amsar da aka bayar ita ce primary hyperparathyroidism.

Daga baya na gane hujjar: idan kalsiyam ya hau, kamata ya yi PTH ya faɗi ƙasa sosai, kamar yadda ake gani idan daji na fitar da PTHrP, ko an sha bitamin D fiye da kima. To amma mai FHH, wato familial hypocalciuric hypercalcaemia, shi ma haka sakamakonsa yake fitowa. Ba a ba mu kalsiyam ɗin fitsari ba, to da me zan raba su? Shekarunta kaɗai sun isa?

Sai kalsitonin, wanda kullum suke cusawa cikin zaɓi. Tayiroid ne ke samar da shi, amma wanda aka cire wa tayiroid gaba ɗaya kalsiyam ɗinsa ba ya hawa. Akwai yanayin da zai zama amsa, ko tarko ne kawai? Don Allah a taimaka.