Yaya zan ware farashin canji daga caji a sanarwar banki?

Jama'a, don Allah a taimaka min. Na biya dala 20 da katina na naira, banki ya cire ₦32,400. Na raba da 20, dala ɗaya ta kama ₦1,620, alhali manhajar lissafin canji ta Mastercard ta nuna min ₦1,540 a ranar da na biya. Wato akwai rarar ₦1,600, fiye da kashi 5 cikin ɗari, kuma sanarwar layi ɗaya ce kawai, ba a ware komai ba.

Abin da ya ɗaure min kai: shin banki da farashin ranar biya yake lissafi, ko na ranar da cinikin ya kammala? Kwana biyu ne tsakaninsu. In na nemi cikakken bayanin asusu, cajin zai fito daban?