An ɗage ko an matso? Sanarwar canjin jarrabawa da ta jawo min magana

Malam Na-Ofis: Salamu alaikum. Ni ke rubuta sanarwar jarrabawa a sashenmu. Wani zango CHM 101 ta yi karo da wani kwas, ɗalibai ɗaya, lokaci ɗaya. Tana kan jadawali ranar Litinin 12 ga Mayu, sai aka matso da ita Alhamis 8 ga wata. Na rubuta layi ɗaya na manna: "An canza jarrabawar CHM 101 zuwa Alhamis." Wasu yara suka ɗauka Alhamis ta gaba ce, 15 ga wata, don kowa ya saba in an canza jarrabawa gaba ake kai ta. Sai da aka gama suka ji. Har yau ina jin kunyar wannan layin. Wa ya taɓa shiga irin haka?

Ummi 'yar aji uku: Malam, mu "gobe" ce ta cinye mu. Wakilin aji ya turo a WhatsApp da daddare cewa jarrabawar gobe ta koma ƙarfe biyu. Da asuba wata ta sake tura shi wani rukuni yadda yake, waɗanda suka gani da safe suka ɗauka washegari ake nufi, ba ranar ba. Saƙo yana yawo, amma "gobe" ba ta tafiya da ranar da aka rubuta ta.

Baban Khalifa: Ni dai ban ga dalilin da za a riƙa canza jadawali ba tun farko. Yarana biyu suna makarantar kwana, kullum sai an canza. A tsara abu sau ɗaya mana!

Hajiya Mai Jan Biro: Baban Khalifa, wani canjin ba makawa, musamman in hutun Sallah ya faɗo, tunda sai an ga wata. Amma tambayar Malam ta rubutu ce. Na daɗe ina kula da jarrabawa, kuma na daina amfani da "an canza". In gaba aka kai ta, in ce an ɗage. In baya aka dawo da ita, in ce an matso da ita, don wannan ce mai haɗari: wanda ya yi kuskure a ɗagewa ya zo da wuri ne ya koma gida, wanda ya yi kuskure a matsowa ya rasa jarrabawa. Da ni ce, ga yadda zan rubuta taka:

"Sanarwa ga 'yan aji ɗaya masu CHM 101. An MATSO da jarrabawarku. Za a yi ta Alhamis 8 ga Mayu, ƙarfe 9:00 na safe, a babban ɗakin taro. Ba za a yi ta Litinin 12 ga Mayu ba. Sauran jarrabawa suna nan yadda suke a jadawali."

Sai sa hannun jami'in jarrabawa, da ranar da aka fitar da ita. Jimlar ƙarshen nan kada ka raina ta. Duk ranar da na manta da ita, ofishina cika yake da masu tambayar ko tasu ma ta tashi.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, na yarda, sai abu ɗaya. Ni ba na son ganin tsohuwar rana a ciki. Yaro yana karantawa a tsaye cikin turmutsutsu, idonsa ya kama 12 ya wuce. A bar rana ɗaya tak. Kuma mu a nan da awa 24 muke rubutu, 14h ba ta da safe ko yamma.

Hajiya Mai Jan Biro: Ɗana, in ka cire tsohuwar, wanda ke riƙe da tsohon jadawali yana ganin takardu biyu, bai san wacce ta soke wacce ba. Shi ya sa nake sa sabuwa a gaba, tsohuwa a baya tare da "ba za a yi ba".

Ɗan Maraɗi: To, ni dai ban gamsu ba, amma zan gwada.

Sakataren Sashe: Ni mafitata ita ce in sake buga jadawalin gaba ɗaya in manna.

Ummi 'yar aji uku: Yallaɓai, an taɓa yi mana haka. Sabon ya yi kama da tsohon sak, ba wanda ya tsaya duba layi talatin don neman wanda ya motsa. Tsohon ma yana manne a gefensa ba a cire ba.

Malam Na-Ofis: Hajiya, dalilin canjin fa, a rubuta shi? Shugaban sashenmu yana son a fara da "sakamakon wasu dalilai da suka sha ƙarfinmu".

Hajiya Mai Jan Biro: Wannan ba dalili ba ne, cin wuri ne kawai. In dole sai an sa, a kai shi ƙasa. Kafin ka manna kuma, ka duba kalanda ka tabbata 8 ga wata Alhamis ce da gaske, sannan ka miƙa wa ɗalibi ɗaya ya karanta, ka tambaye shi yaushe zai zo, ina zai zauna. In ya yi jim, koma ka gyara.